Sakan 30 a Gaban Makirfo: Yadda Za Ki Gabatar da Kanki Ba Tare da An Ji Ƙamshin Takarda Ba

Tambaya: Malam, barka da aiki. An gayyace ni taron haɗuwar ƴan kasuwa da masu ƙananan sana'o'i nan Maradi, an ce kowa sakan 30 za a ba shi ya faɗi ko shi wane ne. Mu man gujiya muke yi, ni da mata 11. Na rubuta nawa, na hardace, amma da na faɗa wa yayata sai ta ce kamar ina karanta sanarwar biki a rediyo. Ga takardar nan na haɗo. Ina gyaran yake? Rakiya, unguwar Zariya.

Amsa: Rakiya ƙanwata, yayarki tana da kunne, kada ki ji haushinta. Na yi shekaru ina aikin gaban makirfo, daga baya na koma koya wa ƙungiyoyin masu sana'a yadda ake magana a taro, kuma irin takardarki na ga ta fi a ƙirga. Laifin ba na muryarki ba ne, ba kuma na haddarki ba. Da hannu aka haifi maganar, shi ya sa baki ya kasa ɗaukarta. Bari in kwafo jimlarki ta farko yadda kika rubuta:

"Sunana Rakiya, shugabar ƙungiyar mata masu sarrafa kayan amfanin gona da aka kafa a shekarar 2019 da manufar bunƙasa tattalin arzikin mata da kuma samar da ingantattun kayayyaki ga al'ummar jihar Maradi da kewaye, waɗanda suka haɗa da man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, garin yaji da sauransu, bisa la'akari da ƙa'idojin tsafta."

Na ƙirga, kalma 50 ce cif, kuma duk jimla ɗaya. Gwada faɗinta da numfashi guda ki gani. Mutum yana magana cikin natsuwa, kalma 6 zuwa 10 yake fitarwa ya shaƙi iska, wani lokaci 12 idan kalmomin gajeru ne. Ke kin ɗora wa ƙirjinki 50. Dole ki yi ɗayan biyu: ko ki yi gudu don ki kai ƙarshe kafin iska ta ƙare, ko ki yanke a wurin da bai dace ba, kamar tsakanin "tattalin" da "arzikin". Wannan gudun da wannan yankewar su ne abin da kunne ke ganewa nan take ya ce karatu ake yi. Sannan ki duba inda man ya fito: kalma ta 39. Alhajin da ke da kanti a babbar kasuwa, wanda shi ne kika je nema, ya riga ya sunkuya kan salularsa tun wajen "manufar bunƙasa".

Akwai kuma kalmomin da ba sa rayuwa sai a takarda. "Sarrafa kayan amfanin gona", "ingantattun kayayyaki", "bisa la'akari da", "waɗanda suka haɗa da". Tun da kike, kin taɓa ce wa maƙwabciyarki kina sarrafa kayan amfanin gona? Cewa kike mai kuke yi. A tambayar da kika aiko mini ma "man gujiya" kika rubuta, don nan da bakinki kike magana, amma da kika zauna yin takardar taro sai ya koma "man gyaɗa". Kin ga har harshen garinku kin ajiye a ƙofa kin aro na littafi. Mu nan muna cewa "shina", muna cewa "kuɗɗi", muna "tahiya". Wanda ya tashi da wannan a bakinsa, ranar taro ya ce sai ya yi Hausar masu karanta labarai, rabin hankalinsa yana kan tsaron harshe, rabi ne kawai ya rage wa mutanen da ke gabansa. Baƙin da ke zuwa daga Katsina ko Jibiya sun saba da maganarmu sarai, kasuwa ɗaya muke ci. Wanda ya zo daga Kano ma, ko da a wurinsu gurjiya wata aba ce daban, yana jin "mai" ya san abin da ake nufi.

To ga yadda nake sa mutane su yi, kuma ki bi shi a jere, don jerin shi ne maganin.

Ki ajiye takardar. Ki samu wadda ba ta san sana'arki ciki da waje ba, ba yayarki ba, wata dai da za ta yi tambaya da gaske. Ki kunna ɗaukar murya a salula, ki kife ta a tabarma ki manta da ita. Ta tambaye ki: ke wace ce, me kuke yi, wa ke saye, me kike nema yanzu. Ki amsa yadda ya zo. Zai kai minti biyu ko uku, da "wato" da "kin gane" da dariya a ciki. Ba komai. Bayan nan ki saurara, ki rubuta abin da kika faɗa kalma da kalma, kada ki gyara ko ɗaya. A cikin wannan tarkacen za ki tsinci jimloli huɗu ko biyar da suka fito da ƙarfinsu, gajeru, kowace da aikatau a cikinta: muna yi, muna fiddawa, suna ɗauka. Su ne kayan gininki. Aikin da ya rage yanka ne, ba ƙari ba.

Ni ma haka aka koya mini, ba da daɗi ba. Farkon shigata aiki na rubuta wata sanarwa da nake ji da ita, sai wani dattijo a gidan ya karɓe takardar ya ninke ya sa a aljihu, ya ce in je in gaya wa mai gadi abin da ke ciki. Na je na tsaya gaban mutumin yana hura gawayin shayinsa, na faɗa masa cikin jimla uku, ya gyaɗa kai ya ce to. Da na dawo dattijon ya ce, abin da ka gaya masa shi za ka rubuta.

Yanzu lissafin lokaci. Na sha aunawa da agogo: mai magana da Hausa a natse, a gaban jama'a, yana samun kalma 65 zuwa 75 cikin sakan 30, har da ɗan tsayawar da ake yi. Wanda ya cusa 100 zai iya gamawa a kan lokaci, amma babu wanda zai tafi gida da ko ɗaya. Kuma mu muna da wani kuɗin shiga da dole a biya, wato sallama. Idan kika ce "Assalamu alaikum", ɗakin zai amsa, amsar kuma tana cin sakan 2 ko 3. Kada ki bi ta kanta. Masu hadda nan suke fara tona kansu: suna sallama suna zarcewa, sunansu ya nutse cikin "wa alaikumus salam" na mutum 60, ba wanda ya ji. Ki yi sallama, ki rufe baki, ki dubi mutane, sai amsar ta kwanta sannan ki ci gaba. Wannan shirun riba ne ma, don a cikinsa kike shaƙar iskar farko mai kyau.

Gaisuwar manya kuwa, a dunƙule. Na san al'ada tana ja a jero su, mai girma wane, mai girma wance, wakilin kaza. Wannan aikin mai gabatar da taro ne, ya riga ya yi a madadin kowa. Na taɓa ganin wani saurayi mai haɗa famfunan rana na ban ruwa, daga wajen Jiratawa, ya ƙare sakan 20 yana gaida teburin manya ɗaya bayan ɗaya, yana cewa "sunana" aka miƙo hannu za a karɓi makirfo. Abin tausayi, don a ɗakin akwai masu lambun zogale da aikinsa suke nema ido rufe. Kalma huɗu sun isa a fita kunya.

Ga abin da na fitar daga takardarki da bayanin da ke ƙasanta. Na jera shi layi-layi da gangan, kowane layi numfashi ɗaya:

Assalamu alaikum.
Shugabanni, barkanmu da warhaka.
Sunana Rakiya, daga unguwar Zariya, nan Maradi.
Man gujiya muke yi, mu sha biyu, duk mata.
Duk sati muna fidda bido shida.
Masu tuyar ƙosai ne ke ɗauka, sun san ba gauraye.
Abin da ya kawo ni yau,
ina neman mai kanti da zai riƙa ɗaukar bido biyu duk sati.
Ga kwalba na zo da ita.
In an tashi, a nemi Rakiya mai man gujiya.

Kalma 71. Kada ki ɗauke shi kamar aya; idan abin da salularki ta ɗauko ya fi wannan zama a bakinki, naki ya fi. Amma bari in gaya miki dalilin kowane zaɓi, don ki san abin da za ki iya canjawa da abin da bai kamata ki taɓa ba.

Sunanki ya fito sau biyu, farko da ƙarshe. A karon farko mutane ba su san ko kin cancanci a riƙe sunanki ba, saboda haka ba sa riƙewa. Sai sun ji abin da kike da shi sannan su so sanin ko wace ce, lokacin kuwa sunan ya wuce. Shi ya sa ake maido shi a ƙarshe, a ɗaure shi da sana'a yadda ake yi a kasuwa: wance mai fura, wane mai taya. A taron da mutum 40 za su yi magana ana iya samun Rakiya uku, amma mai man gujiya ɗaya ce. "Nan Maradi" kuma ba ado ba ne. Idan akwai baƙi daga ƙetaren iyaka, kika ce "daga Zariya" kika yi shiru, za su kai ki birnin Zazzau.

Na cire "shugaba", na cire shekarar da aka kafa ku. Wanda ke son sani zai tambaya a waje. Na kuma cire ƙuli-ƙuli da garin yaji, kuma na san nan ne za ki yi mini gardama, don kowa yana jin idan bai ambaci kayansa duka ba ya yi asara. Kunne ba ido ba ne. Mai karatu yana iya komawa baya ya sake duba jeri, mai sauraro ba ya iyawa. Ki ba shi abu huɗu ya zubar da duka, ki ba shi ɗaya ya sa a aljihu. Kuma duk wanda ya san mai ya san inda ake matsarsa akwai tunkuza, akwai ƙuli. Zai tambaya da kansa.

"Bido shida" na fi so a kan "lita 150", ko da yake abu ɗaya ne idan bidon mai lita 25 ne. Ɗan kasuwa yana jin bido shida ya gan su a jere, ya san ko za su shiga bayan adaidaita. Kuma ki lura a cikin layukan da baki na rubuta adadin, ba da lamba ba. Wanda ya yi lakwal, idonsa yana faɗawa kan 150 sai harshensa ya ja zuwa Faransanci, ya ɗan yi tuntuɓe kafin ya juyo da shi Hausa. Wannan ɗan tuntuɓen ana jinsa. Adadi biyu sun isa a sakan 30, uku iyaka.

Farashi kada ki faɗa sam. Dalili na farko, yana motsi da kakar gujiya, abin da kika faɗa da kaka zai zame miki igiya da bazara. Na biyu, lissafinmu da dala yake. Ke in kika ce "ɗari uku" kina nufin sefa 1,500, jaka da rabi. Baƙon da ya saba da naira zai ji wani abu daban gaba ɗaya, wanda ya yi tunani da Faransanci kuma zai ji sefa 300. Ɗaki ɗaya, farashi uku. Bar wannan sai kun tsaya ku biyu.

Layin masu tuyar ƙosai shi ne zuciyar abin, kuma shi ne maganin wata damuwa da ba ki faɗa ba amma na gan ta a takardarki. An tashe mu da cewa yabon kai jahilci, shi ya sa da aka ce ki gabatar da kanki kika ɓuya bayan manyan kalmomi, "ingantattu", "ƙa'idojin tsafta", don su yi yabon a madadinki. Matsalar ita ce kowa a ɗakin zai ce nasa ingantacce ne, kalmar ta zama ruwa. Hanyar fita ita ce ki bar wani ya yi miki shaida. Mai tuyar ƙosai tana zaune gaban kasko tun asuba. Man da aka gauraya ko wanda ruwa bai gama fita daga cikinsa ba, ita ce farkon ganewa, daga kumfa da ƙamshi da yadda yake ƙonewa. Idan irin waɗannan ne ke dawowa wurinki duk sati, kin faɗi komai ba tare da kin ce "nawa ya fi" ba. Sharaɗi ɗaya: ya zama gaskiya. Maradi ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan ƙarya, wata a ɗakin ƙanwarta ce ke tuya a bakin tasha.

Sai buƙata. Yawancin mutane suna rufewa da "muna neman haɗin kai da goyon baya", wanda ba ya sa kowa ya motsa daga kujerarsa. "Mai kanti, bido biyu, duk sati" kuwa, mutum yana ji ya san ko shi ne ko ba shi ba, in ba shi ba ne ya tuna da wanda ya sani. Na raba ta gida biyu, "abin da ya kawo ni yau" sannan ɗan shiru, saboda wannan rabin jimlar yana sa kawuna su ɗago. Layin da ke biye shi ne mafi tsawo, kalma 12, don haka ki shaƙi iska sosai kafinsa. Ki kuma shirya amsar tambayar da za ta biyo baya: in masu ƙosai na ɗauka, ina za ki samu biyun? Ko suna ɗaukar huɗu ne, ko za ku ƙara aiki, ki san abin da za ki ce.

Yanzu haddar. Kada ki hardace kalmomi, ki hardace zango. Yatsu biyar: suna, sana'a, shaida, buƙata, suna. Ki faɗe shi sau 10 ko 15 cikin kwana uku, kowane karo ki bar kalmomin su ɗan sauya, yau "muna fidda", gobe "muna samun". Wanda ya hardace kalma da kalma kamar mai tilawa yake, in ɗaya ta ɓace sai ya koma baya ya ɗauko daga farko, idonsa ya tafi rufin ɗaki yana nemanta. Wanda ya riƙe zango, in kalma ta gudu sai ya kama wata ya wuce, ba wanda ya sani. Ki yi gwajin a tsaye, da muryar da za ki yi a can, ba a kwance cikin zuci ba. Ki yi kina tankaɗe, ki yi kina tafiya. Ki sa yayarki ta katse ki a tsakiya da gangan, ta ce "bido nawa kika ce?", ki amsa ki ci gaba daga inda kika tsaya. Ranar da katsewa ta daina rikita ki, ya zauna.

Idan kika sake ɗaukar muryarki, ga alamun da za ki saurara. In ƙarshen kowace jimla yana tashi sama da waƙa iri ɗaya, kamar ɗalibi na biya karatu, har yanzu hadda ce. In kin gama a sakan 22, gudu kike; a ɗakin taro tsoro zai ƙara miki sauri, don haka a gida ki nemi 28 zuwa 30. In akwai wurin da harshenki ke sarƙewa sau biyu a jere, kalmar ce ba taki ba, canja ta, kada ki yi ta fama. "Eh" ɗaya ko "to" ɗaya kuwa ki bar su, su ne ke nuna mutum ne ke magana.

Za ki iya tarar da an buɗe taron da Faransanci, na gabanki biyar duk sun bi. Kada wannan ya sa ki juya naki a kan kujera cikin minti biyu. Masu kantin da kike nema da Hausa suke ciniki. In kin ga akwai baƙin da ba sa ji, ki shirya na Faransancin daban tun daga gida, ta hanyar nan dai ta faɗa a ɗauka a yanke, ba ta fassara layi-layi ba, ki yi amfani da shi idan kun haɗu da su a waje.

Wajen kuma wani abu ne daban. Lokacin shan ruwa, ido da ido, ba a zazzage wa mutum sakan 30 a fuska. Za ku gaisa yadda aka saba, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, in dattijo ne ki rusuna ki bar shi ya ja gaisuwar. Sai ya ce "ke fa, me ake taɓawa?" sannan ki ba shi layi biyu kawai, sana'a da shaida, ki tsaya. In ya tambaya, ki ƙara. Buƙatar ta zo a ƙarshe, bayan kin ji shi ma me yake yi, don wataƙila ba kanti gare shi ba, mota gare shi mai zuwa Dakoro ko Tasawa duk sati, ki ga buƙatar ta canja kama.

Kwalbar kuwa ƙarama, fara tas wadda ake ganin launin man, marfinta mai saurin buɗewa don za a so a sunsuna. Ki riƙe ta a hagu, makirfo a dama, tazarar yatsu huɗu daga bakinki, kada ki ɗaga ta sai kin iso layinta. Lambar salularki ki rubuta a jikin kwalbar da ƴan takardu 20 a jaka. Kada ki karanta lamba a makirfo: lamba takwas ce, za ta cinye miki sakan 6, kuma ba mai biro a hannu a lokacin.